Hula Kafin Ta Bushe

Da sunan Allah nake buɗe kowane rubutu, har irin wanda bai isa a feƙe alƙalami dominsa ba, kamar wannan da bai wuce labarin hula da autan gidanmu ba.

Auta nake ce masa har yau, ko da yake furfura ta fara cin gemunsa, kuma ya aurar da 'yarsa ta fari. Manomin shinkafa ne a fadamar da ke bayan gari, gonar da mahaifinmu ya bar mana, wadda na sakar masa tun da daɗewa saboda ni gwiwata ba ta jure laka. Ni zare nake sayarwa. Ina da 'yar rumfa a kasuwar Haɗeja, ta zaren ɗinkin hula da allura da farin yadin da ake zana hula a kansa, da safe kuma nakan zauna a zaure in yi bitar karatu da wasu dattawa 'yan'uwana waɗanda, kamar ni, da ajami suke rubuta har saƙon cefane.

Shekarar da kogi ya cika ya tumbatsa, ya shiga gonar Auta shinkafa tana gab da nuna, ruwan bai bar masa ko abin iri ba. Da ya janye sai ya bar yashi inda ƙasar noma take, ciyawar kacala kuma ta zo ta zauna a sauran kamar ita ta gaji wurin. Auta ya yi watanni yana zuwa rumfata ya zauna a kan benci, yana taya ni kallon mutane suna wucewa, aikin da ni kaɗai ma ina iya shi.

A nan ne dabarar hula ta zo masa. Muna da gwaggo a Guri, ƙanwar mahaifinmu, wadda matan unguwarsu ke ɗinkin hula irin ta mutanen gabas, sana'ar da kakanninmu suka taho da ita daga bakin tafki. A wurina suke sayen zare. Auta ya ce shi zai riƙa karɓar hulunan, ya kai a wanke a buga, ya sa su a kasuwar intanet, wato wata manhaja da ke cikin waya inda mutum ke buɗe shago ba rumfa ba benci. Mai saye ya ga hoto, ya biya, masu manhajar su riƙe kuɗin har kaya su isa hannunsa. In ya gamsu su sakar wa mai shago, ya kuma ba shi taurari, daga ɗaya zuwa biyar. In ya ce abin da ya zo masa ba shi ya gani a hoto ba, sai a mayar masa da kuɗinsa, kaya su komo kan mai su, kuɗin mota ma a wuyansa.

Na yi masa addu'a, don ban ga abin da zan ƙara da shi ba. Kuma Allah ya buɗa. Hulunan matan Guri suka fara tafiya Kano da Kaduna da Abuja, garuruwan da masu ɗinkin ba su taɓa takawa ba. Auta ya mayar da 'ya'yansa makaranta, ya daina zama a bencina, in ya zo ma a tsaye yake gaishe ni, waya a kunne. Shagon nan ya zama shi ne gonarsa. Ba shi da wata.

Ranar da ya fara nuna mini hotunan sai da na gyara tabarau. Na san zaren nan, ni na sayar da shi, amma ban taɓa ganinsa da irin wannan kwarjini ba. Ruwan goro ya koma kamar garwashi. Shuɗi ya yi zurfi har kana jin kamar ka sa guga a ciki. Na ce masa lallai hular nan ta sami ci gaba tun da ta shiga waya, ta fi yadda na san iyayenta. Ya ce ai iya ɗaukar hoto baiwa ce, ba kowa Allah ke ba wa ba.

Ƙorafi ya fara zuwa da ɗaya ɗaya, kamar yayyafin farkon damina. Wani ya rubuta a ƙarƙashin hoton cewa shi makuba ya saya, aka kawo masa ruwan hoda. Auta ya ce mutumin nan idonsa ne ke da matsala, ya je asibiti. Wani ya ce ya sayi hula don ta shiga da shaddarsa ruwan toka mai duhu, da ta zo sai ta zama kamar ya aro ta a hanya. Auta ya ce shaddar ce ba ta da kyau. Na uku ya ce shuɗin ya koɗe, kamar an shekara ana sallar Juma'a da ita. Wannan kuma, in ji Auta, ɗan hassada ne, wani mai shagon hula ne ya turo shi. A cikin 'yan watanni na fahimci cewa ƙasar nan cike take da masu ciwon ido da masu mugunyar shadda da mahassada, kuma dukansu sun yi shawara sun zaɓi shagon ƙanena.

Yakan zo ya karanta mini su a rumfa, ba don neman shawara ba, don dai ya sami wanda zai taya shi mamakin halin mutane. Wata rana da ya gama karanta wani mai tsawo, sai na ce masa, tunda magana ɗaya ce ake ta maimaitawa, me zai hana ya rubuta ta da kansa a jikin tallar, kowa ya gani kafin ya saya?

Ya dube ni kamar na ce ya ƙona shagon.

"Yaya, kai fa malami ne, ba ɗan kasuwa ba. Ka taɓa ganin mai talla yana yawo yana cewa a zo a sayi kayana masu aibi?"

Na ce na taɓa gani, kuma shi ma ya gani, in bai manta ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, in zai sayar da dabba a karar Malam Madori, wato kasuwar dabbobi, yakan riƙe hannun mai saye a gaban dillali ya lissafa masa: sa ne mai kyau, amma yana tunkuyi, kuma ƙafarsa ta baya ta taɓa gocewa. In mai saye ya ce ya ji ya gani, sai a yi sallama, ba mai dawowa gobe da igiya a hannu. Kuma abin da muka karanta a babin ciniki ke nan: wanda ya san aibin hajarsa, wajibi ne ya faɗa.

Auta ya ce Baba sa yake sayarwa, shi kuwa hula, kuma hula ba ta tunkuyi. Ya ƙara da cewa a zamanin Baba babu taurari. Na yarda da shi a kan wannan, don taurarin da muka sani a lokacin ba sa sauka saboda wani ya yi fushi a Kaduna.

Nasa kuwa sauka suke yi. Kuma ashe a wannan kasuwa, in taurarinka suka ragu, sai a tura hajarka can ƙasa, inda mai nema sai ya gaji da jan yatsa kafin ya iso gare ka, kamar a ɗauke rumfarka daga bakin ƙofa a mayar da ita bayan mahauta. Sannan saƙo ya zo daga masu manhajar, cikin ladabi irin na wanda ba ya buƙatar ɗaga murya. Suka ce kayan da ake dawo masa da su da dalilin ba su yi daidai da bayani ba sun yi yawa, ya duba hotunansa da bayaninsa ya gyara.

Sai Auta ya gyara. Ya shiga shagon wani mai sayar da takalma, ya kwafo wani layi na Turanci da kowa ke sawa, mai cewa launi yana iya ɗan bambanta da na hoto. Ya manna shi a can ƙarshen bayani, bayan lambar girma da yabon ɗinki da addu'ar Allah ya ba mai rabo sa'a, a wurin da sai ka danna ka buɗe ragowar rubutu kafin ka gan shi. Ya kawo mini ya nuna, fuskarsa kamar ta wanda ya sauke farali.

"To, Malam, ga aibin na faɗa. Sai a sa mana albarka."

Na nemi layin na rasa, sai da ya nuna mini da farce. Na ce masa ya yi ƙoƙari, ko ɓarawo ya shiga shagon nan ba zai sami wannan layi ba. Na kuma gaya masa cewa a karar dabbobi akwai irin wannan. Akwai dillalin da zai ce maka, na sayar maka da ita da duk abin da ke jikinta, alhali ya san takamaiman ciwon da ke damunta. Malamai ba su karɓi wannan a matsayin bayani ba. In ka san abu da sunansa, da sunansa za ka faɗe shi. Ya ce shi bai san komai da sunansa ba, waya ce, kowa da irin hasken tasa. Wannan gaskiya ne, wayoyi sun bambanta, na taɓa ganin hoto ɗaya a waya biyu kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Masu manhajar ma ba su karɓi layin ba. Mai saye na gaba da ya kai ƙara, Auta ya nuna musu shi a matsayin hujja. Suka ajiye hoton tallarsa kusa da hoton da mutumin ya ɗauka a ɗakinsa, suka ce wannan ya wuce ɗan bambanci, suka mayar masa da kuɗinsa.

Wata Alhamis da yamma na tafi karɓar hulata ta Juma'a wurin mai wankin hula, wani tsohon abokina da ke aiki a gindin wata bishiyar darbejiya kusa da hanyar kogi. Duk wanda ya san wankin hula ya san yadda ake yi: a jiƙa ta, a goge da buroshi, a sa mata sitati ko ƙaro, a kifa ta a kan gungumen itacen da aka sassaƙa daidai kan mutum, a daddaɓe ta ta zauna, a jera a rana. Na tarar da gumagumai a jere, kowanne da hularsa, ruwa yana ɗiga daga gefensu, rana ta karkata ta yi ja tana dukansu. A gabansu kuma ga Auta a durƙushe, gwiwa ɗaya a ƙasa, waya a hannu, yana ta matsawa hagu da dama kamar mai neman jinjirin wata.

Na tsaya a bayansa ina kallon hulunan. Ga garwashin nan da na gani a waya, ga shuɗin nan mai zurfi. Kowa ya san tufa in ta jiƙe launinta yana ƙara duhu da ƙarfi, ko yaro da ya faɗa kududdufi ya sani. A can gefe kuwa ga na jiya da suka bushe, an tara su a leda, su ne ruwan hodar da mutumin nan mai ciwon ido ya gani.

Na yi gyaran murya. Ya waiwayo, bai ko ji kunya ba.

Na ce, "Auta, wannan da ruwanta ake aika wa mai saye, ko sai ta bushe?"

Ya ce, "Yaya, in ta bushe ba ta yin hoto. Na gwada. Sai ta fito kamar mara lafiya."

Mai wanki ya ce shi dai kullum da la'asar yake ganinsa, har Auta ya taɓa roƙonsa ya ƙara yayyafa wa wasu ruwa saboda sun yi saurin shan iska. Ya ɗauka wani sabon salo ne na mutanen intanet, shi kuwa ba ya shiga abin da bai sani ba. Auta ya ce ai bai ƙara wa hular komai ba, bai shafa mata fenti ba, hular ce dai da kanta. Na ce haka ne, hular ce da kanta, kuma duk wanda ya saya yana iya samun launin da ya gani, in dai zai riƙa tafiya da buta yana zuba wa kansa ruwa a hanya.

Akwai kuma abu na biyu, wanda ni na fi kowa saninsa, kuma na sha faɗa masa. Hoto ɗaya yake sawa ga zane ɗaya, amma hulunan da ke bayan hoton ba mace ɗaya ta ɗinka su ba. Wata ta sayi zarenta kafin azumi, wata bayan salla, daga kwali daban. Lambar zaren ɗaya ce, amma rinin kamfani ba ya zama ɗaya daga wannan kwali zuwa wancan. Wata hannunta yana matse ɗinki, wata yana sakewa, launin ya fito daban. In ka ga hula ita kaɗai ba za ka lura ba. Sai an jera su.

Aka kuwa jera su. Wani babban abokin ango daga Kano ya sayi huluna na anko, don duk abokan ango su fito iri ɗaya ranar ɗaurin aure, kore mai duhu, su shiga da farar shadda. Auta ya yi murna, ya tattaro duk korayen da ke hannunsa ya cika kwali ya kai tasha. Bayan biki mutumin ya sa hoton abokan ango a ƙarƙashin tallar, inda kowa zai gani. Samari ne a jere, sun sha ado, a kansu kuma ga gonar kore tun daga shuka har girbi: wani ganyen mangwaro, wani ɗanyen lemo, wani kunun kuka, na ƙarshe kuwa kamar kabejin da ya kwana a kasuwa. Ya rubuta cewa ango ya tambaye shi ko a gwanjo ya tsinto su, surukai kuma sun ɗauka ƙungiyoyi daban daban ne suka zo taya murna. Tauraro ɗaya ya bayar, ya ce shi ma don babu wurin danna rabi ne.

Na daɗe ina kallon hoton nan. Allah ya yafe mini, na yi dariya har tabarau ya zame.

Saƙo na biyu daga masu manhajar bai yi ladabin na farko ba. An sauke tallar hulunan daga kasuwa har sai ya gyara hoto da bayani sun duba. In kuma aka mayar da ita ƙorafi ya ci gaba a kan wannan dalili, za a rufe shagon gaba ɗaya.

Ya zo bayan la'asar ya same ni a zaure. Wannan karon ya zauna, har ya cire takalmi. Ya daɗe yana juya waya a hannu, sannan ya ce gonar nan ko an ba shi kyauta ba ta nomuwa, kuma bai san abin da zai gaya wa gwaggo ba in ta aiko da hulunan wannan wata. Bai ce in taimake shi ba. A gidanmu ba a faɗin irin wannan, sai dai mutum ya cire takalmi.

Na jawo takarda da tawada. Ni in ba da ajami na rubuta abu ba, ba na jin na yi tunaninsa. Ina rubutawa daga dama, ina karanta masa, yana mayarwa boko a waya daga hagu, muna haɗuwa a tsakiya muna faɗa. Na ce a rubuta cewa launin hula ya fi na tsohon hoto haske. Ya ce a ce ya fi shi natsuwa. Na ce a rubuta cewa ba a samun biyu iri ɗaya sak. Ya ce a ce kowace da irin baiwarta. Na ce Auta, ba neman aure muka je ba. Ya ce ni so nake in tsaya a ƙofar shagonsa da sanda ina korar mutane. Haka muka yi ta ja har aka kira magariba, muka je muka dawo, kowa yana ganin Allah ya ba shi haƙuri da ɗan'uwansa.

Ga abin da ya tsira daga hannunmu, wanda aka sa a saman bayani, da Hausa da Turanci, kafin lambar girma, kafin yabo:

"A karanta kafin a saya. Hotunan nan na busasshiyar hula ne, an ɗauke su a inuwa da rana, ba a ƙara musu komai ba. Duk da haka hasken waya ya bambanta, kore da shuɗi sukan fi duhu a waya fiye da a hannu. Ɗinkin hannu ne na mata daban daban, zaren kuma ba daga kwali ɗaya ba, don haka biyu masu zane ɗaya ba sa zama launi ɗaya sak. Mai son anko, ko mai son ta shiga da wata shadda, ya yi magana tukuna a turo masa hoton ainihin waɗanda za a aika masa, a jere. Launi yana ƙara haske bayan wanki da yawa."

Layin ƙarshe Auta ne ya ƙara da kansa, cikin fushi. Ya ce tunda tonon asiri ake yi, a gama shi gaba ɗaya.

Washegari ya sake ɗaukar hotuna a zaurena, da hantsi, ya shimfiɗa farin yadi daga rumfata ya ɗora kowace a kai, busasshiya ƙayau, yana ɗauka yana tsaki. Ya ce sun fito kamar hoton katin zaɓe. Aka duba, aka mayar da tallar kasuwa.

Ba zan ce ciniki ya ƙaru ba, don bai ƙaru ba. Ya ragu. Waɗanda garwashi ke jawowa sun wuce shagon da ke da garwashi. Auta yakan biyo ta rumfata ya gaya mini cewa yau ma gaskiya ta yi kasuwa, mutum biyu sun leƙo sun karanta wa'azina sun tafi. Nakan ce masa Allah ya ba su ladan karatu. Amma kwalin da ya tafi tasha ya daina dawowa, kuma wannan bai cika son a yi zancensa ba.

Ana cikin haka, gab da babbar salla, wani mutum ya yi masa magana ta manhajar, ya ce yana son huluna masu yawa na anko, na walimar saukar karatu, ya nemi su yi magana baki da baki. A rumfata kiran ya same shi, ya sa a lasifika don in ji irin cinikin da nake kore masa. Mutumin ya ce ya ga abin da aka rubuta a sama, amma ya san irin wannan rubutu ne kawai na kare kai, kowa yana yi. Shi dai a tabbatar masa da baki cewa duk za su zo launi ɗaya, yanzu ya biya.

Auta ya dube ni. Ni kuwa na sami wani ƙullin zare da ke buƙatar warwarewa a daidai wannan lokaci, na duƙufa a kansa. Na san abin da cinikin nan zai yi masa a wannan wata, na kuma san abin da hoto ɗaya irin na abokan ango zai yi wa shagon. Shi ma ya sani. Mutumin ya tambaya ko layi ya yanke.

"Alhaji, ba za su zo ɗaya ba," in ji Auta. "Waɗanda suka yi kusa da juna a hannuna ba su kai rabin abin da kake so ba. In kana so in jera su in turo maka ka gani. In kuma za ka jira bayan salla, sai a sayi zare kwali ɗaya a raba wa masu ɗinki, su ma za su yi kusa ne, ba za su zama ɗaya ba."

Mutumin ya ce walima ba ta jira, ya yi godiya, ya kashe. Auta ya sa wayar a aljihu a hankali, ya ce mini in ji daɗi, ya gama zama waliyyi, saura ya nemo abin da iyalin waliyyi za su ci. Na ba shi goro, ya karɓa, wanda a wurinsa alama ce ta cewa ba a rabu ba.

Bayan kwanaki mutumin ya dawo ya sayi 'yan kaɗan ɗin nan da suka yi kusa, na malamai da iyayen yara kawai, sauran jama'a kowa ya sa tasa. Ya ba da taurari huɗu. Ya rubuta cewa kaya sun zo yadda aka faɗa, ya rage ɗaya ne saboda mai shagon ya cika yawan bayani.

Ba a rufe shagon ba. Yana nan har yau, ba ya bakin ƙofa, ba ya kuma bayan mahauta. Ƙorafin launi yakan zo jefi jefi, daga wanda bai karanta ba, kuma da masu manhajar suka duba irin wannan sau ɗaya, suka ga hoto da bayani sun yi daidai da kaya, ba su ɗora wa Auta laifi ba. Gwaggo tana aiko da huluna daga Guri, yanzu kuma in na buɗe sabon kwalin zare nakan ware wa matanta nasu daga wuri ɗaya, abin da ya kamata a ce mun fara da shi.

Kwanan baya na je karɓar hulata wurin mai wanki, na tarar da Auta a kan benci, ya tara wasu masu sayar da atamfa da turare da ke son buɗe shago a waya, yana yi musu darasi. Ya ce musu sirrin kasuwar nan ɗaya ne, ka faɗi aibin kayanka da sunansa, a sama, ba a ƙasa ba. Ya ce haka mahaifinsa yake yi a karar Malam Madori, yana riƙe hannun mai saye, kuma shi tun yana yaro ya ɗauki wannan tarbiyya. Da ya hango ni sai ya nuna ni da haɓa ya ce, ga yayana nan, malami ne, ku tambaye shi, shi ma da farko bai gane ba sai da na zaunar da shi.

Na ce musu haka aka yi. Na karɓi hulata, na taɓa na ji da sauran danshi, na mayar wa mai wanki na ce ya bar ta a gungume zuwa gobe.